In saya ko in haɗa da hannuna? Kwalliyar wajen taro ta hana ni barci

Anti, salamu alaikum. Ƙanwata ta gama karatu, za mu yi mata ɗan taron murna nan da sati uku, mutum kamar 60, tebur 8, kuma ni aka ɗora wa kwalliyar wajen alhali ban taɓa yi ba. Ina so a yi labulen da za a tsaya gabansa a ɗauki hoto, da baka na balan-balan, da manyan furannin takarda kamar 30, da ɗan ado a kan kowane tebur, da sunanta da manyan haruffa. A bidiyo abin kamar wasa, amma ina zuwa aiki, sai da dare da ƙarshen mako nake samun kaina, kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne. In sayi komai a shirye ko in zauna in haɗa? Tsorona kar in kashe kuɗi kuma abin ya fito kamar aikin 'yan firamare.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki sayi komai da yawa, kafin ma ki yanke shawara, a daren nan ko gobe ki samo kayan da za su ishi fure ɗaya tak, ki ajiye wayarki a gefe ki kunna agogo, ki haɗa shi tun daga yankan farko har ya tsaya da kansa. In kin gama ki sake yin na biyu. Na farkon kar ki ƙirga shi, koyo ne, na biyun shi ne gaskiyar saurin hannunki. Wannan gwajin na dare ɗaya zai ba ki amsar da ni ba zan iya ba ki daga nan ba, domin bidiyon da kike kallo na minti uku, mai yin sa ta yi irinsa sau ɗari, an yanke wajen jiran gam, an yanke wajen da takarda ta yage, an kuma ƙara wa hoton gudu.

Babban furen takarda irin wanda ake mannawa a bango yana da ganye kala uku, manya da matsakaita da ƙanana, jimla kamar 15 zuwa 20, kowanne sai an zana an yanka, a tsaga gindinsa a ɗora gefe kan gefe a manne don ya yi zurfi kamar cokali, a lanƙwasa bakinsa da biro ko sanda, sannan a jera su a kan faifan kwali zagaye bayan zagaye, a ƙarshe a yi tsakiyar. Sabon hannu da wuya ya gama ɗaya a ƙasa da minti 40. To ɗauki 40 ɗin ki ninka sau 30, minti 1200 ke nan, awa 20 cif.

Yanzu mu duba lokacin da kike da shi na gaske, ba wanda kalanda ke nunawa ba. A ce kina samun awa ɗaya da rabi a darare huɗu cikin sati, awa 6 ke nan, ƙarshen mako ki ƙara awa 4, ya zama 10 a sati, sati uku awa 30. Amma ni da ke mun san ba haka za a yi ba, akwai daren da za ki dawo a gajiye ko cokali ba kya son ɗagawa, akwai ranar da baƙi za su zo, kuma kwana biyun ƙarshe ba naki ba ne, na taron ne gaba ɗaya. Ki cire kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage awa 20. Kin ga furannin nan kaɗai sun cinye duk lokacinki, ba ki taɓa labule ba, ba ki hura balan-balan ko ɗaya ba. Shi ya sa tambayar ba a amsa ta a dunƙule. Kaya biyar kika lissafa, kowanne da tasa amsar.

Batun kuɗi kuma akwai wani tarko da kusan duk sabon shiga yake faɗawa. Mutum sai ya kwatanta kuɗin fure ɗaya a shirye da kuɗin takardar da za ta yi fure ɗaya, ya ga bambanci mai yawa, ya ce ai yi da hannu ya fi araha. Ya manta ba shi da kayan aiki. 'Yar bindigar nan ta lantarki mai narka gam da sandunan gam ɗinta, almakashi mai kaifi, wuƙar yanka takarda, waya ko igiyar ratayewa, abin mannawa a bango, duk wannan sai an saya kafin fure ɗaya ya fito. Sannan akwai asara, sabon hannu yana ɓata kamar ɗaya cikin biyar na kayan, ko yanka ya karkace ko gam ya ɗiga a fuska.

Bari in ba ki misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, ke sai ki cire su ki sa na gaske da kika tambayo. A ce fure ɗaya a shirye 10 ne, takardar da za ta yi ɗaya 3, kayan aiki gaba ɗaya 40. In guda 5 kike so, saye 50, haɗawa kuwa 15 na takarda da 3 na asara da 40 na kayan aiki, 58, wato kin sha wahala kuma kin fi kashe kuɗi. In guda 9 ne, saye 90, haɗawa kamar 73, kin rage 17 a kan aikin awa 6. In guda 30 ne, saye 300, haɗawa 148, kin rage rabi. Kin ga inda gizo yake saƙa ko? Ribar yi da hannu ba ta fitowa sai da yawa, yawan kuma shi ne yake cinye lokacin da ba ki da shi. Abin da ke sauya wannan lissafin nan take shi ne aro. In kika samu wadda za ta ara miki bindigar gam da almakashi, wancan 40 ɗin ya faɗi, ko guda biyar ne kin ci riba. Ki tambaya a cikin ƙawaye da dangi, irin kayan nan suna nan kwance a durowar mutane sun yi amfani da su sau ɗaya sun manta.

Ga hukuncina a kan furanni: ki haɗa da kanki, amma 9, ba 30 ba. Manya uku, matsakaita uku, ƙanana uku, ki tara su a kusurwa ɗaya ta saman labulen suna gangarowa, ko ki raba su gida biyu, shida a sama ta hagu uku a ƙasa ta dama. Tara da aka cunkusa wuri ɗaya sun fi talatin da aka warwatsa kyau a hoto, kuma in suna haɗe gefen wannan yana rufe kuskuren wancan. Ki yi amfani da takarda mai ɗan kauri, wadda aka rubuta 160 zuwa 180 gsm a jikin fakitinta. Takardar firinta ta yau da kullum 80 ce, ganyen zai yi laushi ya sunkuya kafin ranar, wadda ta yi kauri sosai kuma ba ta lanƙwasuwa, karyewa take ta bar layi. Ki yanka samfurin ganye kala uku a kwali mai tauri sau ɗaya, ki riƙa ɗora shi kina zanawa, ki haɗa takarda biyu ko uku ki yanka tare. Kuma kar ki yi fure ɗaya ki gama ki koma na gaba, a'a, dare ɗaya yanka kawai, dare na biyu lanƙwasa, na uku mannawa, hannu ya fi sauri in abu ɗaya yake maimaitawa. Abin da ya sa na yarda ki yi waɗannan da hannu shi ne ba sa lalacewa, kina iya gama su sati biyu kafin taro ki jera a babban kwali, kar dai ki ɗora wani kan wani, ki nisanta su da danshi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ki riƙe, domin ba yawan awanni kaɗai ake dubawa ba, har da ranar da awannin za su faɗo. Awa uku a satin farko kyauta ce. Awa uku a safiyar taro, lokacin da ake kiranki ta ko'ina kuma ke ma kina son ki shirya, ta fi kuɗi tsada. Saboda haka duk abin da za a iya gamawa tun da wuri ya dace da yi da hannu, duk abin da dole sai a ranar ko daren jajibiri, ki yi tunani sau biyu.

Balan-balan suna cikin kashi na biyun. Su dai saya za ki yi ko ta yaya, tambayar ita ce ke za ki haɗa su ko a biya mai yi. Kin ce baka. In bakan nan mai tsayawa da ƙafafunsa kike nufi, wanda ake bi ta ƙarƙashi, yana buƙatar ƙarfe ko fayif da gindi mai nauyi, ban ba ki shawarar ki fara da shi ba. Ki yi irin wanda ake jerawa kamar sarƙa a rataya a gefen labule, yana da rangwame sosai, domin kyansa ma a rashin daidaiton yake, babba kusa da ƙarami, babu mai cewa kin karkace. Na tsawon mita 3 zai ci kamar guda 80 zuwa 100 in kina so ya cika, mafi yawa masu inci 11 ko 12, da ƙananan inci 5 na toshe gurbi, da manyan inci 18 guda uku ko huɗu. Ki sayi 120, wasu za su fashe. Akwai wata doguwar ledar roba mai ramuka da ake sayarwa don wannan aikin, cusa ƙullin kowanne kawai ake yi a rami, ƙananan kuma a manna su daga baya da ɗigon gam mai fuska biyu. Kar ki kusanto da gam mai zafi wajen.

Da famfon hannu, hurawa da ƙullewa kamar minti ɗaya kowanne, ɗari ya kusa awa biyu, ga yatsa zai yi ja ya yi zafi tun a na talatin, sai ki ƙara awa ɗaya na jerawa da ratayewa. Awa uku ke nan ke kaɗai, da mutum biyu ko famfon lantarki na aro abin ya ragu sosai. Da baki kuwa kar ki soma. Labari mai daɗi shi ne wanda aka hura da iska ta yau da kullum yana kwana biyu uku lafiya a cikin ɗaki, don haka ki haɗa shi daren jajibiri, ki ajiye a ɗaki mai sanyi, in da hali cikin manyan ledoji masu tsabta, da safe ratayewa kawai. Gas ɗin hiliyom mai sa su tashi sama ba kya buƙatarsa a wannan aikin, kuma na roba da aka cika da shi yawanci bai wuce rabin yini zuwa yini yana shawagi sai ya fara saukowa, kashe kuɗi ne kawai. Kar ki hura su har su yi tsini kamar ƙwai, ki tsaya suna zagaye da ɗan laushi, domin iska tana buɗewa in ta ji zafi. Ni karona na farko na hura su tam-tam na jera a waje tun da hantsi ina jin daɗi, kafin baƙi su zauna sai tas, tas, kamar ana wasan wuta, masu duhun launi ne suka fara tafiya don sun fi jan zafi, waɗanda suka tsira kuma ƙyallinsu ya dushe kamar an barbaɗa musu gari. In taronku a waje ne cikin rana, ki zaɓi launi mai haske, ki nemi inuwa, ki rataya a makare.

To hukunci a nan ya danganta da abu ɗaya: kina da mutum biyu da suka yi alkawarin zama da ke a daren jajibiri? Ba waɗanda suka ce in sha Allah za mu leƙo ba, waɗanda kika san za su zo. In akwai, ki haɗa da kanki, nan ne ma za ki fi rage kuɗi, domin abin da ake biya a wannan aikin mafi yawansa ladan hannu ne. In babu, ki biya mai yi ko ki rage tsawon zuwa mita ɗaya da rabi.

Labule kuma, a nan ne na fi so ki saki kuɗi, kuma akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba, haya. Dalili biyu ne. Na farko, duk hoton da za a ɗauka a ranar shi ne a baya, in ya yi kyau komai ya yi kyau, in ya yamutse ko furanninki na zinare ne ba za su cece shi ba. Na biyu, yana cin yadi fiye da yadda ake zato. Don labule ya yi ninki-ninkin nan mai kyau sai faɗin yadin ya ninka faɗin wajen sau biyu zuwa uku, wato wajen mita 3 yana son yadi mai faɗin mita 6 zuwa 9, a tsayin da ya kai mita biyu da ɗoriya don kar a ga bango a saman kan dogaye. Sai ɗinkin bakin da sanda za ta shiga, sai guga, sai abin da zai riƙe shi. Mutane suna haɗa firam da fayif ɗin roba na ruwa, yana yiwuwa, amma in ya yi faɗi tsakiyarsa lanƙwasawa take, in gindin ba nauyi kuma iska kaɗan ko yaro ɗaya ya jingina ya kifar da shi a kan mutane. Abin da zai iya faɗowa kan wani ba wajen koyon hannu ba ne. Ki yi hayar firam da labulen tare, ki tambaya ko su za su kawo su kafa su kuma kwashe, ki nemi ganin hoton ainihin wanda za a ba ki, ki ji sharaɗinsu in ya yi tabo, ki kuma tambaya ko sun yarda a maƙala furanni a jiki, da fil ko da ƙugiya. In wajen yana da bango mai tsabta mai launi ɗaya, kina ma iya haƙura da labulen gaba ɗaya, furanni da balan-balan su hau bangon kai tsaye. Sai dai ki gwada abin mannawar a wani lungu tun kwanaki kafin nan, salatif mai ƙarfi yana tahowa da fenti, na taɓa biyan kuɗin gyaran bangon mutane a kan haka, kuma ki tambayi masu wajen tukuna.

Maganar tsoron aikin 'yan firamare, ga yadda ake gane abin da zai tona asiri. Ido yana yafe wa abin da dama ba shi da tsayayyen siffa, fure, tarin balan-balan, ganye. Ba ya yafe wa miƙaƙƙen layi, da'ira, da rubutu. Shi ya sa sunan ƙanwarki ban yarda ki zana ki yanka da ka ba, harafi ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙiba kowa zai gani, kuma shi ne a tsakiyar hoto. Ki saya a shirye ko ki ba masu buga takardu su yanka miki. In kuɗi ya ƙi, ki buga haruffan da firinta a girman da kike so, ki manna a kwali ki bi layin da wuƙa da rula, ki ja zare a miƙe a jikin labulen ki jera su a kai kafin ki cire zaren. In za ki yi oda, ki yi a satin nan, ki duba rubutun sunan sau biyu kafin ki tura, ki kuma auna girman da aka rubuta da tef a bango, hoton talla yana sa ƙaramin abu ya yi kama da babba. In ya iso ba daidai ba kina da sauran lokacin canzawa.

Samfurin furen da na ce ki yi, ga yadda za ki yanke masa hukunci. Kar ki riƙe shi a hannu kina ƙare masa kallo, a haka ko na kanti ma yana da aibi. Ki manna shi a bango, ki ja baya taku huɗu ko biyar, ki ɗauke shi hoto da waya, ɗaya da hasken rana ɗaya da filasha, domin filasha ce ke fito da zaren gam da wajen da ya yi ƙyalli. Ki tura wa mutum ɗaya da kika san ba ya ɓoye gaskiya, kar ki ce ke kika yi, ki ce kawai ya kika ga wannan. Sannan ki bar shi a bangon kwana biyu ki ga ko zai sunkuya ko ya faɗo. In ya ci waɗannan, ci gaba. In na uku ma bai yi ba, ki saya ba tare da jin kunya ba, takarda kaɗan kika yi asara.

Adon tebur shi ne akasin haka, mutum zai zauna gabansa awa biyu yana kallonsa daga kusa, har ya taɓa. Don haka kar ki yi wani abu mai wuya a nan. Ki sayi furannin roba masu kyau kaɗan, ki raba su cikin kwalabe ko ƙananan kofunan gilas iri ɗaya guda 8, ki ɗaura ƙyalle siriri mai launin taron a wuyan kowanne, minti goma-goma, kafin awa ɗaya da rabi kin gama. Rabi saye rabi haɗawa ke nan. Kar tsayinsa ya kai ya tare fuskar wanda ke zaune a ɗaya gefen. Launi kuma ki tsaya a biyu, ko uku in na ukun fari ne, kuma ki sayi balan-balan da labule tukuna kafin takarda, ki tafi da ɗaya a jaka ki kara, domin abin da wannan kamfani ya kira ruwan hoda ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba. Fitilu in kina so, ki sayi masu batir a shirye, kar ki haɗa waya da kanki kusa da yadi da takarda.

In muka tara: gwaji da samfuri awa 2, furanni tara awa 6, tebur awa ɗaya da rabi, zirga-zirgar saye da haya a ce awa 3, balan-balan awa 3 a daren jajibiri, kafawa da safe awa 2. Awa 17 da rabi, amma biyar daga ciki suna cikin kwana biyun ƙarshen da dama muka ware, wato 12 da rabi ne kawai za su fito daga awa 20 ɗinki. Ragowar kar ki cike ta da sabon aiki don kin ga wani bidiyo, ki bar ta, za a buƙace ta. Ki sa wa kanki rana, kwana bakwai kafin taro, duk furen da bai gamu ba a ranar an haƙura da shi ko a sayi madadinsa, tun ana iya kawowa a kan lokaci. Ranar taron kuma ki tafi da 'yar jaka, almakashi, fil, igiya, salatif, famfo, da ragowar balan-balan ashirin ɗin nan.